Wancan Ba Ya Riƙe Bakinsa

Ranar da aka ce maigidana yana da ciwon suga, barka aka yi ta shigowa yi mana. A Bebeji muke a lokacin, wajen ƙarshen shekarun 1980, a wani gidan haya bayan tasha. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce, "Ke kuma ashe kun yi arziki ba labari? Ai wannan ciwon Alhazawa ne." Na juya na dubi Alhajin nawa yana zaune a kan tabarma yana ɗaure hancin silifa da waya. Malamin dabbobi ne, shekarunsa talatin da 'yan kai, dogo, siriri tun fil azal, dukiyarsa a duniya babur ɗin gwamnati da akwatin allurar shanu. Na ce mata mun gode, Allah ya kai kowa.

Abin ya faro ne da ƙishirwa. Malam, haka nake kiransa, ya riƙa shanye rabin randa tsakanin la'asar da magariba, ga yawan zagayawa, ga tururuwa da ta mai da bayan gidanmu wurin zamanta. A ɗakin shan magani, malamin asibiti ya zuba fitsarinsa a wata siririyar kwalba mai shuɗin ruwa, ya ɗora a kan wuta, muna kallo ruwan ya rikiɗa ya koma ja kamar jar ƙasa. Ya tambayi shekarun Malam, ya gyaɗa kai. Ya ce ciwon iri biyu ne, akwai na yara, shi sai allura, akwai na manya, shi ƙwaya da kiyaye baki sun wadatar. Tunda Malam ya haura talatin, na manya ne. Ban ga laifinsa ba, abin da aka koya masa ke nan, kuma ya faɗe shi daidai. Kafin mu fita ya ɗaga yatsa ya ce, "Amma fa in ka yi wasa da doka, allura za mu sa ka. Wanda kuwa ya hau allura, to ya hau ke nan."

Kowa a garin ya san ma'anar wannan magana. An san mutum biyu ko uku da aka fara yi wa allurar suga, dukkansu ba su daɗe ba. Ba wanda ya tsaya ya lura cewa sai da suka kai gargara aka fara yi musu. Mutumin da ya yi shekaru yana tsira wa bijimai allura mai kaurin tsinken tsire, ranar nan ya dawo gida jikinsa a sanyaye saboda an ambaci wata mai kaurin gashi.

Ni aka bar wa aikin dokar. Na sallami tuwon shinkafa, na sallami dankali da rogo, na koyi tuƙa alkama, wadda ba ta yafe wa mai gaggawa. Acca kuwa sai na ba direbobin Jos sautu. Wake safe, wake dare, har yaranmu suka fara tambaya ko laifi suka yi. Kuma abin ya yi aiki. Ƙwaya ɗaya da safe, ƙishirwa ta tafi, kwalbar malamin asibiti ta tsaya a shuɗi ko kore. Ya riƙa nuna Malam ga sauran masu ciwon, manyan 'yan kasuwa masu tumbi, yana cewa su yi koyi da shi. Ni kuwa na san tafiyar Malam in an yabe shi, ko babur ɗin ma daban yake tayar da shi.

Dole in faɗi irin gidan da ya fito, in ba haka ba ba za a gane abin da ya biyo baya ba. Ni Bahaushiya ce, 'yar cikin garin Bebeji, a gidanmu in kana jin yunwa sai ka faɗa, a zuba maka, in ba ta isa ba ka ƙara faɗa. Shi kuwa Bafulatani ne, rugarsu tana gefen dajin Falgore, kuma a wurinsu a gan ka kana ɗokin abinci ya fi a gan ka tsirara muni. Ban taɓa ganin Malam ya ci ko gyaɗa a kasuwa ba. Ga shi ɗan fari. Mahaifinsa, wanda duk muke kira Baffa, bai taɓa kama sunansa ba, bai taɓa duban idonsa ya yi masa magana ba. "Wancan" yake ce masa. In yana da saƙo, ko da Malam yana tsugune a gabansa, ni yake duba ya ce, "Yarinya, ki gaya wa wancan karsanarsa ta haihu." Ni kuma in juya in gaya wa wancan, wanda ya riga ni ji. Baffa yana cewa ni Kaɗo ce, kunya ba ta yi mini nauyi, shi ya sa na dace da aikin. Na ɗauke shi a matsayin yabo, don ba wani zaɓi.

Bayan shekara biyu ko uku aka mayar da mu Kiru, a nan kwalba ta fara canja ra'ayi. Ba abin da na sauya a tukunya. Alkamar ita ce, waken shi ne, amma ruwan ya koma ɗorawa, daga baya ya koma ja. Sabon malamin asibiti ya duba katin da muka zo da shi, ya ga an rubuta na manya, ya mai da ƙwayar biyu. Ya tambayi Malam me yake ci a ƙauyuka in ya fita rigakafi, wajen Badafi da sauran rugage, inda ba mai sallamar baƙo ba tare da ƙwaryar fura ba. Malam ya ce ba ya sha. Mutumin ya yi irin murmushin da ake yi wa yaro mai maiƙo a baki ya ce, "Haka kowa yake cewa, Malam. Amma kwalba ba ta ƙarya."

Gaskiyarsa, kwalba ba ta ƙarya. Matsalar ita ce Malam ma ba ya yi, kuma ba wanda ya yi tunanin duka biyun za su iya zama masu gaskiya a lokaci guda. Na san ba ya sha, don matan rugagen da kansu suke kawo mini ƙararsa ranar kasuwa, wai mijina ya zama Bature, ya raina furarsu.

Ƙwaya biyu ta riƙe shi kamar shekara, sannan ita ma ta saki. Lokacin an sake yi mana canji zuwa Tudun Wada. A can aka ƙara wata iri daban, babba, mai murɗa ciki. Malam ya shiga ramewa, shi da ba shi da abin da zai bayar. Na rage masa wando har ɗinkin ya haɗe da aljihu. Maruru suka riƙa fito masa a wuya, wannan na warkewa wancan na tasowa, idonsa yana yin hazo har sai ya nisanta kwalbar maganin shanu kafin ya karanta ta. Kowa kuma ya zama likita. Aka kawo mana garin hulba, aka kawo shuwaka, aka kawo wani saƙe-saƙi mai ɗacin da ya sa akuyarmu ta yi kwana biyu tana fushi da ni don ta lasa. Duk ya sha, bai ko yamutsa fuska ba.

Tudun Wada ta fi kusa da rugarsu, don haka Baffa yakan shigo ranar kasuwa. Wata rana ya tarar za mu asibiti, ya ce zai raka ni. Ni fa, ba wancan ba. Ya zauna a benci da sandarsa da malfarsa yana kallon bango. Malamin asibitin wurin matashi ne mai son aikinsa, kuma ya gaji da mu. Da ruwan ya sake yin ja, ya ga dattijo a zaune, sai ya ga ya sami mai tsawatarwa. Ya ce, "Baba, gara da ka zo. Ɗan nan naka ba ya riƙe bakinsa. Mun ba shi magani har ƙarshen abin da ake bayarwa. Wanda ya kiyaye, wannan ƙwayar tana riƙe shi shekara da shekaru. Satar ci yake yi. In bai daina ba, wallahi allura ce."

Da ya san abin da ya yi, na tabbata da ya haɗiye maganar. Muka fito bakin titi da Baffa. Ya tsaya yana duban motocin Jos suna wucewa, ya ce, "Yarinya, ki gaya wa wancan, mu ba a san mu da baki ba. Ni na yi kiwo tun daga nan har Bauchi da ruwa kawai a cikina, ba wanda ya ji. Yau an tara ni da Haɓe an ce ɗana ɓarawon tuwo ne. Ki ce masa kada ya zo ruga sai ya iya da bakinsa, don mu can nono ne ko'ina, kada mu jarabce shi." Malam yana tsaye taku biyu daga gare shi. Ɗan fari ba ya mayar wa uba magana, balle ya ce likita ya yi kuskure. Ni ma ban kare shi ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci da su duka ukun, Baffa da Malam da malamin asibitin.

Daga ranar Malam ya daina neman lafiya, ya koma neman shaida. So yake kwalbar nan ta yi shuɗi sau ɗaya tak, ya aika wa Baffa. Ya ajiye alkama, ya ajiye acca. Ya koma dafaffen zogale da rama, sai wake ludayi ɗaya, shi ma yana dubansa kamar abokin gaba. Ina kallonsa yana zaune da yara suna cin tuwo, yana yi musu hira don kada su lura. Na yi faɗa, na yi kuka, na yi yaji na wuni ɗaya zuwa gidan maƙwabta na dawo don ba mai dafa zogalen. Ruwan kwalba kuwa ko gezau. Wani lokaci ya ɗan sauko ɗorawa, wata mai zuwa ya koma ja. Duk ranar da ya yi ja sai a ƙara yi masa wa'azi a kan kwaɗayi, shi da iska take kaɗawa a kan babur.

A haka aka tura mu Doguwa, inda rake yake a kowace kwana, masara kuma har bakin ƙofa. Duk tafiyar da za mu yi zuwa Kano sai mun ratsa dajin Falgore, mu wuce daidai 'yar hanyar da take shiga rugarsu. Malam yakan juya kansa ɗaya gefen yana kallon birai. Sallah ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ni da yara muke zuwa gaida Baffa. Yakan tambaye ni lafiyar akuya, lafiyar babur, sannan can ƙarshe ya ce, "Mutanen gidan fa?" In ce suna nan. Ya ce to.

Damina ce ta kawo ƙarshen abin. Zazzaɓin sauro ya kama Malam, ya ƙi ci gaba ɗaya, amma ga mamakina ƙishirwa ta ninka. Sai amai, sai ciwon ciki, sai wani irin numfashi mai zurfi kamar wanda ya yi gudu, bakinsa yana wani wari kamar na mangwaron da ya fara ruɓa. Da hantsi ya daina gane ni. Direban wata motar masara ya taimaka mana zuwa Tudun Wada, daga can suka ɗaura masa ruwa suka ce mu wuce Kano, kada mu tsaya ko'ina. A babban asibiti aka yi ta ƙara masa ruwa leda bayan leda, aka kuma fara yi masa allurar nan da aka yi shekaru ana yi mana barazana da ita. Da na ji sunanta, insulin, sai na fita baranda na zauna na fara tunanin wanda zan aika Falgore da labari. Washegari da yamma ya buɗe ido ya ce yana jin yunwa. Tunda na aure shi ban taɓa jin wannan kalma a bakinsa ba.

Likitar da ta duba shi mace ce mai furfura a goshi, ba ta da yawan fara'a. Ta bi tarihin tun daga Bebeji, ta tambayi ko ya taɓa ƙiba, ko akwai mai ciwon a danginsu, ko shekara nawa ƙwayar ta yi tana aiki. Sannan ta ce a ganinta ciwonsa ba na manya ba ne, na yaran ne ya zo masa a makare, yana kuma tafiya a hankali. Ta ce akwai wata tsoka a bayan tumbi da take yin insulin ɗin da ke shigar da suga cikin jiki. A wasu mutane, garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar cuta, sai ta juya ta riƙa cinye wuraren da ke yin sa. A yaro cikin ɗan lokaci take gamawa, a babba kuwa tana iya ɗaukar shekaru, shi ya sa da farko yake kama da na manya har ƙwaya ta yi aiki. Ƙwayar farko matsa tsokar take yi ta ƙara fitarwa, to in abin matsawar ya ƙare fa? Ta ce akwai gwajin jini da ke tabbatar da haka, ba a yin sa a nan tukuna, amma ita alamun sun ishe ta.

Malam ya san tsokar, ya sha ganinta a mahauta. Sai ya tambaye ta abin da ya dame shi, wanda ba tsokar ba ce. Ya ce, "Likita, da na ƙara kiyayewa fa?" Ta ce, "Ko ruwa kaɗai kake sha, nan za ka zo. Ba bakinka ba ne." Ya juya fuskarsa bango. Na yi kamar ina gyara kwanuka a ƙarƙashin gado.

Aka koya masa yi wa kansa allura safe da yamma, ya iya tun kafin nas ta gama bayani, har yana gyara mata riƙo. Ba mu da firji a Doguwa, ko da muna da shi ma ba wutar, sai na binne ƙaramin tulu a jiƙaƙƙen yashi a lungun ɗaki, kwalbar take kwana a ciki. Aka dawo masa da tuwo, a aune, a kan lokaci. Abin da ya fi ba ni dariya, likitar ta kafa masa sabuwar doka: kada ya fita ko nan da can sai da ƙwayoyin suga na kwali a aljihu, don in allura ta yi yawa ko abinci ya makara suga zai iya faɗuwa, ya ji rawar jiki da gumi, to ya jefa biyu ko uku a baki nan take. Shekara da shekaru ina ɓoye suga a gidana kamar guba, yanzu ni ce mai cusa masa shi a aljihu kullum da safe.

Kafin kaka ta ƙare ya yi kumatu. Na warware ɗinkin wanduna. Bayan girbi ya ce mu je Falgore. Bai ce don me ba, ni ma ban tambaya ba, amma ya sa babbar rigarsa ta Sallah.

Mun sauka daga mota a bakin titi muka taka, tafiyar ta fi yadda muka tuna, lokacin cin abincinsa kuma ya gota. Mun sami Baffa a gindin ɗorawa yana tufka igiya. Malam ya cire takalmi daga nesa, ya tsuguna, ya yi gaisuwa. Baffa ya amsa wa iska. Ya saci kallonsa sau ɗaya, ya ga kumatun, ya ga wuyan da ya cika. Ina ganin hannun Malam ya fara rawa, gumi yana tsattsafo masa a goshi. Ya daure iya daurewa, don ya gwammace ya faɗi da ya tauna abu a gaban mahaifinsa. Na ce masa a hankali, "Malam, ka sha." Ya sa hannu a aljihu, hannun yana karkarwa, ƙwayoyin suga suka zubo a kan ƙasa, farare tas, a gaban Baffa. Ya tsinci biyu ya sa a baki, kansa a sunkuye.

Baffa ya dube su. Ya ce, "Yarinya, ashe har ya daina ɓoyewa."

A nan Kaɗon ta tashi. Ban san lokacin da na miƙe tsaye a gaban surukina ba, abin da ko a gidanmu na marasa kunya ba a yi. Na ce, "Baffa, yau ba zan kai saƙo ba, nawa zan faɗa. Da ya rame an ce ci ne, yau ya yi ƙiba an ce ci ne. To wallahi ni nake dafawa, ni na san abin da ya shiga cikin nan." Na gaya masa zogalen, na gaya masa ludayin wake, na gaya masa furar da ya mayar a rugage har aka ce ya zama Bature. Na gaya masa abin da likita ta ce, da kalmomin da na iya, cewa jikinsa ne da kansa ya cinye abin da ke sarrafa sugan, ba ruwan bakinsa, allurar kuma ita ya kamata a ba shi tun muna Kiru, sugan aljihun ma likita ce ta sa. Na ce, "Tun ranar da ka yi maganar nan a bakin titi bai ƙoshi ba ko sau ɗaya, sai da aka kwantar da shi a Kano. Don kai yake yi, ba don ciwon ba." Matan ruga duk sun leƙo daga bukkoki. Malam yana ta cewa in yi shiru, rawar hannunsa ta fara lafawa.

Baffa ya ajiye igiyar. Na zaci korata zai yi, har na fara neman takalmina da ido. Ya daɗe yana kallon garken da ke can nesa. Sai ya juyo, ya tsallake ni da ido, ya dubi ɗansa a fuska, ya ce, "Kai. Ka ci abinci?"

Malam ya ɗago a firgice, sauran sugan yana bakinsa. Shekarun tuhuma ne suka riga shi amsawa. Ya ce, "Wallahi, Baffa, ban ci ba."

Baffa ya ce, "Na ji. Ba tuhumarka nake ba." Ya ɗaga murya wajen bukkoki, ya ce a dama fura, a kawo ludayi biyu.